Mara lafiyan da hagu ta ɓace masa: watsi da ɓari ɗaya bayan shanyewar jiki, da gwajin bakin gado da ke tona shi

Akwai wani abu da ke faruwa da wasu masu shanyewar ɓarin jiki wanda in ba a taɓa nuna maka ba, sai ka rantse mutum gangan yake yi. A ajiye masa faranti ya cinye abin da ke dama tas, ya bar na hagu, ya ce abincin ya yi kaɗan. A juya farantin sai ya ci gaba da ci kamar yanzu aka ƙaro masa. Ya aske gemu gefen dama kawai. Ya zura hannun dama a riga ya bar ɗayan hannun rigar yana lilo. Ki tsaya ta hagunsa ki yi masa sallama, ya ji muryarki sarai amma ya juya dama yana neman mai magana, wani lokaci ma ya amsa wa wanda ke tsaye a damansa alhali wancan bai ce komai ba. In yana kan keken marasa lafiya kuwa, kullum tayar hagu ce ke cin karo da bakin ƙofa.

Dangi sukan ce ya makance, ko ya rikice, ko taurin kai ne na tsufa. Yawanci ba ko ɗaya. Wannan shi ne watsi da ɓari ɗaya, idon lafiya lau yake iya kasancewa, abin da ya lalace shi ne na'urar da ke kai hankali wajen abin da ke hagu.

Inda matsalar take a ƙwaƙwalwa galibi ɓarin dama ne, wajen ƙasan sashen parayital, daidai inda yake haɗuwa da sashen tamporal, wato can sama da kunne zuwa baya kaɗan. Babbar jijiyar jini ta tsakiya da ke ciyar da ƙwaƙwalwa ita ke kai jini nan, kuma ita ce ta fi yawan toshewa a shanyewar jiki, shi ya sa ake yawan ganin abin. Ba parayital kaɗai ba fa, in aka taɓa zaren da ke haɗa parayital da sashen gaba, ko sashen gaban kansa, ko talamus can ciki, duk ana iya ganin watsi, don aikin maida hankali na wata hanya ce mai tsawo, duk inda ta tsinke sai ya nuna.

To me ya sa dama? Bayanin da masu binciken ƙwaƙwalwa Heilman da Mesulam suka yi tun wajen 1980 shi ne ɓarin dama na ƙwaƙwalwa yana lura da gefe biyu na duniya, hagu da dama, shi kuwa ɓarin hagu kusan dama kaɗai yake kallo. In ɓarin hagu ya lalace, na dama zai riƙe gefe biyun, watsin ya zo da sauƙi ya wuce da wuri. In na dama ne ya tafi, babu mai gadin hagu. Kinsbourne ya ƙara wani abu da ni a ganina ya fi amfani a bakin gado: ɓarori biyun nan ture juna suke, kowanne yana tura hankali zuwa ɗaya gefen, in na dama ya faɗi sai na hagu ya yi ta tura hankali dama ba mai tare shi. Kenan mara lafiya bayan rashin ganin hagu, dama ma tana fizgarsa. Duk abin da ke dama yana kama hankalinsa ya ƙi sakinsa. Ku riƙe wannan, don shi ke bayyana dalilin da wani gwajin ke kama cutar wani kuma ya bar ta ta sulale.

Kuma babu wani layi a tsakiyar jiki da za a ce daga nan zuwa hagu duhu ne. Abin gangare ne, mafi dama shi ya fi samun hankali, yana raguwa yana raguwa har zuwa can hagu inda babu komai. Shi ya sa abu ɗaya a wuri ɗaya zai iya ganinsa in teburin fayau yake, ya kasa ganinsa in an cika damansa da tarkace.

Abin da ya fi sa ni damuwa da wannan matsala shi ne mai ita ba ya kawo ƙara. Wanda idonsa ya samu matsala zai ce likita ba na gani sosai. Mai watsi ba zai ce komai ba, don a wajensa duniya cikakkiya ce, ba ya jin akwai giɓi. Sau da yawa ma yana zuwa tare da rashin sanin cutar gaba ɗaya, abin da Babinski ya raɗa wa suna anosognosiya a 1914: hannu a shanye yake amma ka tambaye shi ya ce lafiya lau, ka ce ɗaga, ya ce ya gaji ne kawai. Wasu har su ce hannun da ke kan gadon ba nasu ba ne, na wani ne aka ajiye musu. Ga shi maganarsa garau, tunda harshe galibi a ɓarin hagu yake kuma bai taɓu ba, sai ya yi hira mai daɗi da likita a zagayen safe, kowa ya ce ai wannan ya samu sauƙi, a sallame shi, ya je gida ya faɗi a banɗaki.

Cewa ba matsalar ido ba ce, Bisiach da Luzzatti sun nuna shi a 1978 da wasu marasa lafiya biyu a Milan. Sun ce su kawo a zuci suna tsaye a babban dandalin birnin suna fuskantar babban cocin da ke bakinsa, su faɗi gine-ginen da ke wurin. Suka lissafo na dama suka bar na hagu. Aka ce to yanzu ku ɗauka kuna tsaye a ƙofar cocin kuna kallon ɗaya gefen. Sai suka lissafo waɗanda suka tsallake ɗazu, suka manta waɗanda suka faɗa. Duk ginin yana nan a ajiye a kansu, amma ko a cikin tunani hagu ba ta fitowa.

Yanzu mu zo kan gwaji. Kafin a taɓa takarda, a tsaya daga ƙofa a kalli mutumin. Ina kansa da idonsa suka karkata? A kwanakin farko za ka ga duka sun juya dama. Ina hannun hagu yake, ya danne shi ne ko yana rataye a gefen gado bai sani ba? A zo masa ta hagu a yi magana a ga ina zai juya. Wannan kallon na minti ɗaya ba ya cin ko sisi kuma sau tari ya riga ya ba da amsa.

Sai gwajin taɓa gefe biyu lokaci ɗaya. Ki zauna gabansa, ya kalli hancinki, ki ɗaga hannuwa biyu gefe da gefe. Motsa yatsar da ke damansa, ya ce dama. Motsa ta hagunsa kaɗai, ya ce hagu. Sannan motsa duka biyun tare. In ya ce dama kawai, to na dama ya shafe na hagu, wannan ita ce dushewa. Ana yin irinsa da taɓa bayan hannu ido a rufe, da kuma murza yatsu kusa da kunnuwa. Ya kamata a cakuɗa, wani lokaci ɗaya wani lokaci biyu, kar ya gane tsarin ya riƙa canka. Wannan ne abu na 11 a ma'aunin NIHSS da ake auna tsananin shanyewar jiki da shi, maki daga 0 zuwa 2. Amma fa dushewa da watsi ba abu ɗaya ba ne kai tsaye, ana samun mai ɗaya babu ɗayan, saboda haka samun 0 a nan bai wanke mutum ba. Kuma in ya kasa ganin yatsar hagu ko ita kaɗai ce ke motsi, gwajin bai raba maka watsi mai tsanani da makantar rabin gani ba, zan dawo kan wannan.

Gwajin takarda suna da sharuɗɗa da in aka karya su sakamakon ya zama banza. Mara lafiya ya zauna a miƙe, da tabaransa in yana sawa. Tsakiyar takarda ta yi daidai da tsakiyar ƙirjinsa, kuma kar a bari ya ja ta zuwa dama, zai so ya yi hakan. Mai gwaji ya zauna gaba da gaba, kar ya tsaya ta hagu yana magana don muryarsa za ta jawo hankali hagu ta ɓoye cutar. Kar a nuna masa gefen hagu da yatsa, kar a ce duba can. Dangi in suna wurin a roƙe su su yi shiru, don wallahi tausayi sai ya sa ɗiya ta ce Baba ga wasu nan ka bari, shi kenan an ɓata gwaji.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce dattijo ne, kwana 10 da toshewar jijiya a ɓarin dama na ƙwaƙwalwa, hannun hagu ya fara motsi, yana magana lafiya, yana son a sallame shi. Nas ta ce ta lura yana buga kafaɗar hagu a ƙofa.

An fara da gwajin Albert na 1973: takarda mai gajerun layuka 40 a warwatse, a ce ya soke kowanne da biro. Dattijo ya soke duka. In aka tsaya nan za a rubuta babu watsi. Matsalar gwajin Albert shi ne ya yi sauƙi, babu wani abu a takardar sai abin da ake nema, hankali ba ya wahalar tacewa, mai watsi mai tsanani kaɗai yake kamawa.

Sai raba layi. A zana layi a kwance mai tsawon santimita 20, a ce Baba sa mini alama a daidai tsakiya. Ya sa, aka auna da rula daga ƙarshen hagu aka samu santimita 10.9, wato ya kauce milimita 9 zuwa dama. Masu lafiya sukan kauce kaɗan ne, kuma galibi zuwa hagu, da milimita ɗaya ko biyu. A layi mai wannan tsawon, abin da ya wuce milimita 6 zuwa dama ana ɗaukarsa alama. Tsawon layin yana da muhimmanci ƙwarai: a ɗan layi na santimita 5 kaucewar takan ɓace, a layi guntu sosai ma wasu masu watsi sukan tsallaka su sa alamar a hagu, saboda haka wanda ya ja ɗan layi a gefen fayil ya ce ya gwada, bai gwada ba. Kuma a yi layi uku ko fiye, kowanne a takardarsa, ɗaya ba ya isa.

Na uku gwajin ƙararrawa, na Gauthier da abokan aikinsa, 1989. Takarda ce cike da ƙananan zane baƙaƙe, gidaje, dawakai, makullai da sauransu guda 280, a cikinsu an ɓoye ƙararrawa 35. Ga mai kallo kamar a hargitse suke, amma a takardar mai gwaji an raba su sahu 7 a tsaye, kowane sahu ƙararrawa 5, sahu uku a hagu, ɗaya a tsakiya, uku a dama. A ce ya zagaye duk ƙararrawar da ya gani, mai gwaji kuma yana bin sa yana sa lamba a tasa takardar, wacce ya fara, wacce ta biyo. Dattijonmu ya fara daga can ƙarshen dama, ya yi ta hawa da sauka, ya koma kan wasu da ya riga ya zagaye ya sake zagaye su, a hankali ya ratso zuwa hagu, ya ajiye biro ya ce ya gama. Aka ƙirga: a dama ya samu 14 cikin 15, tsakiya duka 5, a hagu kuwa sahun da ke kusa da tsakiya 4, na gaba 3, na can ƙarshe 1. Ya bar 7 a hagu, 1 a dama. Barin 6 ko fiye a gefe ɗaya shi ne ma'aunin da aka saba amfani da shi, kuma ga gangaren nan ƙarara, 4, 3, 1.

Mutum ɗaya, takarda biyu, minti goma tsakani, a ɗaya ya ci duka a ɗaya ya faɗi. Bambancin shi ne tarkacen da ke takarda ta biyu, su ne suka riƙe hankalinsa a dama. Mark da Kooistra da Heilman sun nuna wannan da kyau a 1988: in aka ce mara lafiya ya goge layin da ya samu maimakon ya soke shi, sai ya ƙara nisa zuwa hagu, don abin da ke riƙe shi a dama yana raguwa. Komawar da dattijo yake yi kan wadda ya riga ya zagaye ita ma alama ce, da yawansu ba sa riƙe inda suka riga suka duba, sai su yi ta zagaye a dama suna zaton sabon wuri ne.

Ko da a ce ya samo duka 35 ɗin, inda ya fara ya isa a sa masa ido. A binciken Azouvi da abokan aikinsa na 2002 kan marasa lafiya 206 da shanyewar ta taɓa ɓarin dama na ƙwaƙwalwarsu, wurin farawa a gwajin ƙararrawa shi ne ya fi kowane ma'aunin takarda kama watsi, kuma haɗa gwaje-gwaje da yawa ya fi kowane guda ɗaya nesa ba kusa ba. Sai dai a nan akwai taka-tsantsan: masu lafiya suna farawa daga hagu ne musamman inda aka saba karatu daga hagu zuwa dama. Wanda duk rayuwarsa rubutun da ke farawa daga dama yake karantawa zai iya farawa daga dama lafiyarsa ƙalau, don haka a tambayi da wane rubutu ya saba kafin a ɗora hukunci kan wannan alamar ita kaɗai.

Zanen agogo shi ya fi suna, kowa ya ga hoton da lambobi 12 suka cunkushe a dama. In ya fito haka babu gardama. Amma ni ban cika dogara da shi ba, don mutum ya san da ka cewa 9 tana fuskantar 3, wannan sanin sai ya rufe masa asiri, ga kuma wanda bai saba da agogo mai hannu ba ko mai mantuwar tsufa zai ɓata zanen ba tare da watsi ba. Kwafar zane ta fi shi ba da labari. A ba shi hoto mai abubuwa a jere, bishiya, gida, wata bishiyar. Wani zai zana na dama ya bar duk na hagun takarda. Wani kuma zai zana dukkansu har na can hagu, amma kowanne rabinsa na hagu babu, gida ba tagar hagu, bishiya ba reshen hagu. Na farko watsinsa da hagun jikinsa ne, na biyu da hagun kowane abu, kuma na biyun zai iya cin gwajin ƙararrawa lafiya lau. Karatu ma haka, a ba shi sakin layi, ko ya fara kowane layi daga tsakiya, ko ya riƙa cin farkon kalmomi yana cika su da canka.

Jikinsa kuma fa? Takarda ba ta gwada wannan. A ba shi mataji a ce ya taje kai na daƙiƙa 30, a ƙirga sau nawa ya bi dama sau nawa hagu. Ko a ce da hannun dama ya kamo hannunsa na hagu, a ga ko zai kai ko zai tsaya a kafaɗa yana lalube. Akwai kuma wanda hannun hagun yana da ƙarfi in an matsa masa, amma da kansa ba ya amfani da shi sam. Nesa da kusa ma suna rabuwa, Halligan da Marshall sun ba da labarin mara lafiya a 1991 da ke kaucewa sosai a layin da ke gabansa amma yana raba na nesa kusan daidai. Saboda haka a ce masa ya lissafo abin da ke cikin ɗakin, a ga ko zai ambaci na hagu.

Batun makantar rabin gani da na ce zan dawo kai. Zaren da ke ɗauke da gani yana ratsa ƙarƙashin parayital da tamporal, shi ya sa toshewa ɗaya kan iya kawo duka biyun tare. Mai makantar rabin gani zalla yakan gane akwai gefen da ba ya gani, yana juya kai yana nema, yana samo ƙararrawar hagu ko da a hankali, kuma in ya daɗe da ita alamarsa a layi takan kauce zuwa hagu, gefen makantar. Mai watsi ba ya nema, kuma watsinsa yakan shafi ji da taɓi da jikinsa, abin da makanta ba ta yi. Sannan in ka ja hankalinsa, ka ce Baba fara nemo mini ƙarshen layin na hagu, sai ya gyaru na ɗan lokaci ya sake komawa. In duka biyun sun haɗu, kaucewar layi takan yi muni fiye da na watsi kaɗai, kuma a kwanakin farko wani lokaci sai an jira an sake gwadawa kafin a iya raba su.

Dattijonmu dai an tabbatar yana da watsi matsakaici, amma takarda ba ta gaya mana yadda zai yi a gida ba. Don wannan akwai ma'aunin Catherine Bergego, abubuwa 10 na yau da kullum da mai jinya ke kallo da idonsa, gyaran fuska, sa tufafi, cin abinci, goge baki, karo da abubuwa, neman kayansa da sauransu, kowanne maki 0 zuwa 3, jimla 30. Ana kuma yi wa mara lafiyan tambayoyin ya ba kansa maki, tazarar da ke tsakanin nasa da na mai jinya ita ke nuna yadda bai san halin da yake ciki ba. In nas ta ba shi 12 shi ya ba kansa 2, wannan tazarar ce za ta sa ya miƙe shi kaɗai da dare.

Yawancin sauƙin da ake samu yana zuwa ne a watanni ukun farko, wasu kuma abin yakan zauna musu. Ko a wanda ake ganin ya warke, yakan dawo in ya gaji ko in yana abu biyu lokaci ɗaya, don haka kafin sallama yana da kyau a sake gwajin ƙararrawa da yamma lokacin da ya gaji, a kuma bi shi a baranda ana jansa da hira a ga ko kafaɗar hagu za ta sake cin ƙofa. Maganar komawa tuƙi kuwa, gwajin bakin gado ba ya ba da wannan izinin ko ya ci duka, sai an yi masa cikakken gwajin tuƙi na musamman.